Karɓar Suna Daga Bakin Mai Shi: Jagora Ga Masu Tarbar Baƙi

Na daɗe ina aikin tarbar baƙi da gabatar da su a wuraren taro, daga ɗaurin aure da walimar saukar karatu har zuwa taron 'yan kasuwa. Duk shekara akan turo mini samari da 'yan mata su koyi aikin, kuma kusan kowannensu da magana ɗaya yake fara kare kansa: "Malam, ni fa ba ni da riƙon suna." Nakan bar shi ya tarbi mutum uku, sannan in ja shi gefe in tambaye shi sunan na farko. Sai ya yi shiru. In na ce to, a lokacin da mutumin ya faɗa ka ji sosai? Sai ya sunkuyar da kai. Ashe sunan bai ma shiga kunnensa ba, balle a yi zancen mantuwa. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan jagora ke nan, don kuskuren iri ɗaya ne yake ta dawowa, kuma yana da magani.

Abubuwan da za ka tanada

Kayan aikin ba su da yawa. Ka samu ƙaramin littafi da zai shiga aljihu da biro mai rubutu, don waya takan mutu, kuma dattijo in ya ga kana latsa waya a gabansa zai ɗauka raini ne. In taro ne mai gayyata, ka nemi jerin sunayen baƙi tun ana gobe. Ka nemi mutum ɗaya ɗan gida ko ɗan gari wanda ya san mutanen, ya tsaya kusa da kai. Sannan ka zaɓi wurin tsayuwarka nesa da lasifika da janareta. Wannan na ƙarshe shi yara suka fi rainawa, alhali rabin sunayen da ake ɓatawa hayaniya ce ta cinye su. Nasiru da Naziru harafi ɗaya ne ya raba su, kuma ba ka jin wannan harafin in ganga na tashi a bayanka.

1. Ka san wane suna kake nema

Bahaushe ba suna ɗaya gare shi ba. Akwai sunan yanka da aka raɗa masa ran suna, akwai wanda ake kiransa da shi a gida da unguwa, akwai kuma muƙami ko sarauta da yake sawa a gaba. Wanda ke kan takarda yawanci na yanka ne haɗe da na mahaifi ko na gari. Kai kuwa abin da kake nema a gaisuwa shi ne wanda in an kira zai waiwayo.

Dalilin rabuwar sunayen nan kunya ce da girmamawa. Yaron da aka mayar wa sunan kakansa, iyayensa ba za su riƙa kiran sunan gatsal ba, sai su ce Abba ko Baba ko Baffa, yarinya kuma Ummi ko Mama ko Hajiya. Haka zai girma, ya yi aure, ya yi furfura, kowa Abba ya sani. In ka tashi a taro ka kira sunan yankansa, wani lokaci har abokansa sai sun waiga su ga wa ake nufi. Ga kuma laƙabin da ke bin wasu sunaye: Abubakar ya zama Garba ko Habu ko Buba ko Sadiƙu, Usman ya zama Shehu ko Mani, Umar ya zama Sanda ko Faruƙu, Yusuf ya zama Maitama, Hauwa ta zama Kulu, A'isha ta zama Indo, Hadiza ta zama Dije.

A nan ne na taɓa yin abin kunya. Na ga Abubakar a jerin sunaye, na so in nuna sabo, da mutumin ya iso sai na ce, "Alhaji Garba, sannu da zuwa." Ya amsa gaisuwar, sannan ya ce a hankali, "Garba yayana ne, ya rasu bara. Ni Sadiƙu ake ce mini." 'Ya'yan wa da ƙani ne da suka tashi gida ɗaya, dukansu Abubakar, laƙabin ne kawai ya raba su. Tun ranar na daina zaɓa wa mutum laƙabi. Sanin cewa Abubakar yana iya zama Garba zai taimake ka ka gane in ka ji ana faɗa, amma bai ba ka izinin ka fara kira ba.

Sai zancen muƙami. A wurinmu Malam da Alhaji da Hajiya suna hawa kan sunan mutum na kansa ne. Malam Aminu Kano, Malam Aminu ake ce masa, ba wanda ya taɓa ce masa Malam Kano. Shugaban ƙasar da ya mulki Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, Shagari sunan garinsu ne, in an zo gaishe shi Alhaji Shehu ne. Saboda haka in ka ga takarda ta ƙare da Funtuwa ko Gumel ko Argungu, kada ka ce "Alhaji Gumel". Mai sarauta kuwa sarautar ta shafe sunan. Marigayi Yusuf Maitama Sule, Ɗan Masani ake gaishe shi, kamar yadda Ahmadu Bello ya zama Sardauna a bakin kowa. In baƙonka Galadima ne ko Ciroma ko Turaki, da sarautar za ka gaishe shi, sai ka tabbatar ta wane gari ce, don kusan kowace masarauta tana da nata Galadiman. Amma in baƙon Bayarabe ne ko Ibo ko Bature, a wurin aiki muƙamin kan hau sunan dangi ne, wanda yawanci ke zuwa a ƙarshe. Kada ka auna su da mudunmu.

2. Ka gama gaisuwa kafin ka nemi suna, kuma ka san yadda ake nema

Gaisuwa ce gaba: sallama, sannu da zuwa, ya hanya, ya aka baro gida. Wanda ya tari baƙo da "sunanka?" kamar ma'aikacin kan iyaka ya riga ya ɓata ganawar. Gaisuwar ma tana yi maka wani amfani, don a cikinta kake jin harshen mutumin. Daga "lahiya lau" ka san daga yamma ya fito, wajen Sakkwato ko Katsina ko ƙetaren iyaka, kunnenka ya shirya jin Isuhu a inda Bakano zai ce Yusufu.

Sa'anka ko wanda ka girma, kana iya cewa, "Malam, ban san sunan ba," ko ka fara faɗin naka, shi ma zai faɗi nasa. Babba ba a yi masa haka. Ga dattijo nakan ce, "Ranka ya daɗe, wa za a ce ya iso?" Ga malami, "Allah gafarta Malam, da wane suna za a sanar?" Ga babbar mace, "Hajiya, ranki ya daɗe, wa za mu ce?" Da wannan lafazin ka nuna cewa don isar da saƙo kake tambaya. In mai sarauta ne da jama'a a bayansa, shi ba a tambayarsa ko kaɗan. Ka matsa wurin ɗan rakiyarsa ko direbansa kafin ya sauko daga mota, ka tambayi sarautar da garin, ka maimaita a gabansa har ya ce haka ne.

Hattara da tambayar mace sunan mijinta, ko uwa sunan ɗanta na fari. Da yawa ba za su faɗa ba, wasu za su ce "mai gidan" ko "mai sunan Malam", kai kuma ka tsaya kana matsa musu a gaban mutane. Ka nemi wani a gefe ya gaya maka.

3. Ka saurara da gaske a daidai lokacin da ake faɗa

Faɗin suna bai wuce ƙiftawar ido biyu ba, kuma a daidai wannan lokacin ne hankalin mai tarba yake wani wuri. Yana shirya abin da zai ce, yana duban mai zuwa a baya, yana tunanin kujerar da zai kai baƙon. Ka lura da taron da ake zagayawa kowa ya faɗi sunansa: sunan da ka fi saurin rasawa shi ne na wanda ya yi magana daf da kai, saboda a lokacin kana bitar naka jawabin a zuci. Haka abin yake a bakin ƙofa.

Maganinsa ka yi wa kanka doka. Da zarar ka yi tambayar, ka rufe baki, ka tsayar da hannu da ƙafa, ka bar duk wani tunani har sunan ya gama fita. Ba sai ka ƙura wa babba ido ba, kunne ake so ka ba shi. Abu uku kake saurare: gaɓa nawa ne, ina aka ja wasali, ina murya ta hau ina ta sauka.

In ba ka ji ba, ka sake tambaya nan take. "Afuwa, hayaniya ta hana ni ji." Ba wanda ke jin haushin wannan a minti na farko. Abin da ke da ciwo shi ne ku yi awa guda kuna hira sannan ya gane ba ka san da wa kake magana ba. In ka tambaya sau biyu ba ka kama ba, kada ka yi na uku. Miƙa masa littafinka ya rubuta, ko ka koma wurin ɗan rakiya.

4. Ka mayar masa da sunan da bakinka

Wannan matakin shi ne zuciyar aikin, shi ya sa zan daɗe a kansa. Da ka ji sunan, ka sa shi cikin gaisuwa ka mayar: "Malam Ɗahiru, sannu da zuwa." Kana yin haka don abu biyu. In ka yi kuskure zai gyara maka tun ba wanda ya ji, kuma sunan da harshenka ya taɓa furtawa ya fi zama a ka bisa wanda kunne kawai ya ji. Ka kuma duba fuskarsa. In ya ɗan yi jim kafin ya amsa, ko ya sake faɗin sunan a hankali kamar yana tabbatarwa, to ka kauce. Mutane da yawa kunya ba za ta bar su su ce ka yi kuskure ba, za su ce "ba komai". Kada ka karɓi "ba komai", ka ce, "A'a, a gyara mini, ina so in faɗa daidai."

Rubutun boko yana ɓoye abubuwa da yawa da kunne ke ji. Na farko tsawon wasali. Sani na mutum ana jan gaɓar farko, sani na ilimi ba a ja. Rabi ta mace ana jan "ra", rabi na kashi biyu ba a ja. Sunaye da yawa da aka ciro daga kalmomin yau da kullum kuma ana datse ƙarshensu: baƙo mai zuwa gida ana jan ƙarshensa, amma Baƙo sunan mutum a gajarce yake ƙarewa, haka Ango, haka Azumi. Na biyu karin sauti. Baba da murya ta fara ƙasa ta hau, namiji ake nufi, uba ko mai sunan uba. Baba da murya ta fara sama ta sauko, mace ce. A takarda duka harufa huɗu ne iri ɗaya. Haka in ka ga Abu a jerin sunaye, ba ka san Abubakar ne ko Zainabu ba sai ka tambaya, kuma na ga an tanadi kujera a ɓangaren maza saboda wannan.

Na uku harufa masu lanƙwasa, waɗanda katin gayyata da katin shaida sukan zubar. Za a buga Dahiru da Dalhatu da Kasimu, alhali Ɗahiru ne da Ɗalhatu da Ƙasimu, amma Dauda da Danyaya ba hukuncinsu ɗaya ba, na farko da d ne, na biyu Ɗanyaya ne. Firayim Ministan Nijeriya na farko ma, Tafawa Ɓalewa ne da ɓ, ko da yake rubutun Turanci ya saba wa mutane da b. Sai hamza, irin ta Sa'adu da Sa'idu, waɗanda wasali ɗaya tak ya raba su, da kuma baƙi mai ruɓi irin na Jummai da Sallau, wanda in ka sassauta shi sunan ya ɓaci.

Akwai kuma sunan da asalinsa ɗaya amma kowane yanki da yadda yake faɗa. Auwalu da Lawal da Lawan da Lawali duk abu ɗaya suke nufi, na farko. An fi jin Lawan wajen Kano da Barno, Lawal wajen Katsina da Zariya, Lawali wajen Sakkwato da Zamfara da Nijar. Muhammadu yana zama Mamman, Babarbare ya ce Modu, Abubakar ya zama Bukar, Fatima ta zama Falmata. Doka a nan guda ce: yadda mai shi ya faɗa, haka za ka faɗa. Kada ka gyara wa mutum sunansa zuwa lafazin Larabci don ka yi karatu, kada kuma ka mayar da shi lafazin garinku. Wanda ya ce Isuhu, Isuhu ne. Wanda ya ce Abdullahi, kada ka rage shi zuwa Audu.

Baƙin da ba Hausawa ba, harshenmu yana da wuraren da yake tuntuɓe, gara ka san su. Ba mu da p, sai mu mayar da ita f. Ba mu fara kalma da baƙi biyu, shi ya sa Ngozi kan zama Ingozi, Njidda na Adamawa ya zama Injidda, Gbenga kuma a yar da g a ce Benga. Ga Ngozi, ka fara da ɗan gunji ta hanci baki bai buɗe ba, sannan ka saki "go". Ga Gbenga, g da b tare suke fita a bugu ɗaya, leɓe a rufe, bayan harshe a manne da hanɗa. Ba lalle ka iya ranar farko ba, amma mai sunan yana gane wanda ya yi ƙoƙari. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗabi'ar nan ta cewa "sunanka da wuya, bari mu sa maka Musa". In shi ya ba ka gajeren suna, kamar Chukwuemeka ya ce a kira shi Emeka, ka karɓa. In bai bayar ba, kada ka yanka masa. Kuma Bitrus da Bulus da Rifkatu sunayen Hausa ne cikakku, kada ka juya su zuwa na Turanci, kada kuma ka ɗora wa mutum Alhaji don ka gan shi da babbar riga.

5. Ka ɗaure sunan a jikin abin da ka riga ka sani

Suna shi kaɗai kamar akuya ce ba turke. Cikin minti ɗaya na farko ka nemo masa turke. Mafi ƙarfi shi ne takwara: wa na sani mai wannan suna? Ka hango su biyun tsaye tare. In mai sunan mahaifinka ne, ka ma faɗa masa, "Ashe mai sunan babana ne," ka ga hira ta buɗe, sunan kuma ya zauna.

Sunayenmu da yawa suna zuwa da turkensu. Ɗanladi da Ladi ran Lahadi, Balarabe da Laraba, Ɗanjuma da Jummai ran Juma'a, Asabe ran Asabar. Sani na biyu, Salisu na uku, Rabi'u na huɗu, Hamisu na biyar. Gambo ya biyo tagwaye, Tanko ya biyo mata, Auta ya rufe ƙofa. Mutanenmu na zangon Kumasi sun san Asante ma haka suke yi, Kofi ɗan Juma'a ne, Kwame ɗan Asabar, saboda haka in ka haɗu da Kofi ka ce a ranka ga Ɗanjuma. Sai dai ka bar ma'anar a zuciyarka. Wani Sanin sunan kawunsa aka mayar masa, ba shi da wa, kuma tambayar Gambo ina tagwayen na iya taɓo mutuwa.

Ka haɗa sunan da abin da ba ya canzawa: garinsu, sana'arsa, wanda ya kawo shi, muryarsa. Kada ka ɗaure shi a hula ko launin mayafi, gobe da wata shigar zai zo, a biki kuwa mata talatin anko ɗaya suka yi. Kada kuma ka ɗaure shi a wani aibu na jiki ko abin dariya, don abin da ka saba faɗa a zuci wata rana zai kuɓuce maka a baki. Aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta riga ta hana jifan juna da munanan laƙubba.

6. Ka yi bita irin ta mai hadda, sannan ka rubuta

Almajiri ba ya wanke allo don ya kalli rubutun sau ɗari, sai ya kife allon ya kawo karatun da ka. Haka za ka yi. Bayan ka zaunar da baƙo, kana komowa ƙofa, ka tambayi kanka sunansa. Bayan kamar minti biyar ka hango shi ka sake. Bayan rabin awa ka sake, sannan a wurin sallama. Tazarar tana ƙaruwa ne da gangan, don ƙoƙarin da kake yi ka lalubo sunan daf da zai gudu shi ke kafa shi. Masana biyu, Landauer da Bjork, sun gwada wannan tsari a kan koyon sunayen mutane a 1978, suka ga bita mai faɗaɗa tazara tana riƙe suna da kyau. Mu dai a tsangaya muka fara ganinsa.

Ni in sababbin mutane sun wuce biyar ko shida a jere, na farkon sukan fara zubewa, saboda haka da na samu sarari nake jan jiki gefe in rubuta. Ka rubuta yadda aka faɗa, da lanƙwasa da hamza, ka ninka wasalin da aka ja, ka sa 'yar alama inda murya ta sauka, sannan kalma biyu na turke. A cikin hira kuwa, kiran suna sau biyu ko uku ya isa. Wanda ke cusa sunanka a kowace jimla kamar mai tallan magani yake, babba kuma da "ranka ya daɗe" ake ci gaba da shi bayan kiran farko.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ce taron 'yan kasuwar hatsi ne a Katsina, cikin jerin baƙi ka ga an buga wannan: Elh. ISSOUFOU Laouali, Maradi. Yaron da bai saba ba zai hau lasifika yana "La-o-u-ali", ko ya ce Alhaji Issofo. Ga yadda za ka bi da shi.

Tun daren jiya ka gane rubutun Faransanci ne. A can "ou" tana matsayin u ko w, "dj" tana matsayin j, "ch" tana matsayin sh, "tch" kuma c. Saboda haka Chaibou Sha'aibu ne, alhali Chiroma na takardun Nijeriya Ciroma ne, harufa iri ɗaya, karatu daban. "Elh." Alhaji ne. Laouali Lawali ne, Issoufou kuma Isufu ko Isuhu, kamar sunan Mahamadou Issoufou da ya shugabanci Nijar daga 2011 zuwa 2021. Saura tambaya ɗaya da takarda ba za ta amsa ba: wanne ne nasa, wanne ne na mahaifinsa? Takardun can sukan sa sunan mahaifi ko na dangi a gaba da manyan harufa, shi ya sa zato ya fi ƙarfi a kan Lawali ne nasa. Amma zato ne. Shugaban Nijar na farko ma, za ka ga an rubuta Diori Hamani, ka ga an rubuta Hamani Diori. Sai ka sa alamar tambaya a gefen sunan.

Da safe mota ta tsaya. Ka yi sallama, ka yi ban gajiya, ka tambayi mutanen Maraɗi. Sannan, "Alhaji, ranka ya daɗe, wa za a ce ya iso?" Ya ce, "Alhaji Lawali." Ka yi tsit har ya gama, ka ji gaɓa uku da i a ƙarshe. Ka mayar: "Alhaji Lawali, sannu da hanya." Ya amsa ba tare da jim ba. Kana raka shi sai ka ji yaransa suna ce masa Alhaji Ƙarami. Wannan na gida ne, ka riƙe shi don gane wa suke nufi, amma ba kai za ka kira shi da shi ba. Da yake za a sanar da shi a lasifika, kafin ya zauna ka ƙara tambaya ɗaya: "In an zo gabatarwa, Alhaji Lawali Isuhu za a ce?" Ya ce haka ne, ko ya gyara. Turkenka: Lawali irin Lawal ɗin da kuka yi makaranta tare, na Maraɗi, mai gero. Kana komawa ƙofa ka faɗa a zuci, ka goge alamar tambayar, ka rubuta yadda ya furta. Duk wannan bai ci minti uku ba.

7. In ka manta ko ka yi kuskure

Zai faru. In ka kira ba daidai ba, ka ce "afuwa", ka faɗi daidai, ka wuce. Dogon ban haƙuri yana jawo hankalin waɗanda ba su ma lura ba. In a lasifika ne, a lasifika za ka gyara, don a nan aka yi ɓarnar. In sunan ya gudu gaba ɗaya, Malam da Alhaji da Hajiya za su rufa maka asiri na ɗan lokaci, amma kada ka mayar da su gidan zama. Ka tambayi ɗan garin da ke gefenka, ko ka koma wurin mai shi da abin da ka riƙe: "Alhaji, na tuna daga Maraɗi ake, sunan ne ya kuɓuce mini." Ya ga ba shi ka manta ba. Abin da ba a yi shi ne cinke, ka jefa Sani ko Musa ko Allah zai sa a dace.

Kai da za ka tsaya a ƙofa ranar Asabar mai zuwa, ka karɓi jerin sunayen tun Juma'a, ka karanta shi da babbar murya, duk sunan da harshenka ya yi tuntuɓe a kansa ko ka ga yana iya karantuwa iri biyu ka sa masa alama, ka bar shi sai mai shi ya iso ka ji daga bakinsa.